Kafin Ka Tura Hoton Jadawalin Nan, Duba Lambar Da Ke Ƙarƙashin Ginshiƙan

Cikin abubuwan da ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp, kaɗan ne ke kashe musu da sauri kamar hoton jadawalin ginshiƙai. Ginshiƙi biyu ko biyar a jere, ɗaya dogo ɗaya gajere, sai wani ya rubuta a ƙasa, "Ga shi nan ku gani da idonku." Daga nan kowa ya yi shiru, don a ganinmu lamba ba ta ƙarya. Ra'ayina shi ne, jadawalin da ginshiƙansa ba su tashi daga sifili ba yana ruɗin ido ko da kowace lamba da ke jikinsa gaskiya ce, kuma hoton da aka ɗauke shi a karkace ko aka yanke masa gefe ya fi haka muni. Abin daɗin shi ne, da wayar da ke hannunka da ɗan lissafin firamare za ka iya gano inda aka murɗe.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. A jadawalin ginshiƙai, tsawon ginshiƙi shi ne saƙon. Idan wannan ya ninka wancan a tsawo, ido zai karanta cewa adadinsa ya ninka, tun kafin ƙwaƙwalwa ta kai ga duba lambobin da aka rubuta. Wannan alƙawarin yana tsayuwa ne kawai idan layin ma'auni, wato layin tsaye da ke gefe mai ɗauke da lambobi, ya fara daga 0. Da zarar an fara shi daga wata lamba, an sare ƙafafun ginshiƙan ke nan, kai kuma kawunansu kaɗai kake gani. Kamar ka tsayar da mutum biyu bayan katanga ne, ɗaya ana ganin hularsa kawai, ɗayan ana ganin kansa har kafaɗa, sai wani ya ce na biyun ya ninka na farkon sau uku a tsawo.

Misalin da ya fi shahara ya fito ne daga Amurka a 2012. Ana muhawara kan ko za a bar rangwamen harajin zamanin Shugaba George W. Bush ya ƙare, sai tashar Fox ta nuna ginshiƙi biyu a allon talabijin. Na farko shi ne mafi girman kason haraji a lokacin, kashi 35 cikin ɗari. Na biyu shi ne abin da zai koma a ranar 1 ga Janairu 2013, kashi 39.6. Lambobin nan biyu daidai suke, kuma an rubuta su a saman ginshiƙan. Sai dai layin ma'aunin ya fara ne daga 34. Saboda haka abin da ya rage na ginshiƙin farko shi ne 35 a cire 34, wato 1, na biyun kuma 39.6 a cire 34, wato 5.6. A ido, harajin ya ninka fiye da sau biyar. A lissafi, ƙarin maki 4.6 ne a kan 35, kusan kashi 13 cikin ɗari. Da an fara daga sifili, da ginshiƙin na biyu ya ɗara na farko da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na tsawonsa ba.

Masu kare irin wannan zane suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba tare da an saurara ba. Suna cewa, ai an rubuta lambobin, an kuma rubuta inda ma'aunin ya fara, wanda bai karanta ba laifinsa ne. Suna ƙarawa da cewa wani lokacin ƙaramin bambanci shi ne labarin, idan ka fara daga sifili sai ya ɓace. Rabin na biyu na maganar gaskiya ne. Zafin jikin mutum tsakanin digiri 37 da 39 shi ne tsakanin lafiya da zazzaɓi, kuma babu mai buƙatar a zana masa shi daga sifili. Amma maganin wannan shi ne a canza nau'in zanen, a yi amfani da layi ko ɗigo, inda matsayi ne ke magana ba tsawo ba. Ginshiƙi kuwa ba shi da wata hanyar magana sai tsawonsa. Game da cewa ai an rubuta, wani bincike da Michael Correll da Enrico Bertini da Steven Franconeri suka wallafa a 2020 ya nuna cewa mutane suna ganin bambancin ya fi girma a jadawalin da aka sare, ko da an sa alamar da ke nuna an sare shi. Wato sanin an yanke ba ya goge abin da ido ya riga ya ɗauka. To ina ga wanda ya ga hoton na daƙiƙa uku a sitatus, yana cikin adaidaita sahu?

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya yi haka mugu ne. Manhajar Excel da kanta tana sare ma'auni idan aka bar ta ta zaɓa. Idan tazarar da ke tsakanin babbar lamba da ƙaramar ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na babbar ba, sai ta fara layin daga wata lamba da ba sifili ba. Ɗalibin da ke haɗa furojet ɗinsa ko ma'aikacin da ke shirya rahoto da dare zai iya fitar da jadawali mai ruɗi bai ma lura ba. Wannan na rage masa laifi, amma ba ya rage ruɗin da kai mai kallo za ka shiga.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi kusa da mu, tallan waya. A ce ka shiga shagon wayoyi, ka ɗauki hoton fosta mai kwatanta batirin waya biyu. Lambobin da zan yi amfani da su na misali ne kawai. Ɗaya 5,000mAh, ɗayar 5,500mAh, kuma ginshiƙin ta biyun ya yi wa na farkon fintinkau. Babu layin ma'auni ko kaɗan, ko dai mai zanen bai sa ba, ko kuma hoton ya yanke shi. Nan ne mutane ke sallamawa, alhali lambobi biyu da rula sun isa su tono abin da aka binne.

Buɗe hoton a wayarka, ka ɗora rula a kan sikirin, ka auna ginshiƙan biyu ba tare da ka canza girman hoton tsakanin awo ɗaya da ɗayan ba. A ce gajeren ya ba ka milimita 10, dogon kuma milimita 35. Raba 35 da 10, ka sami 3.5. Raba 5,500 da 5,000, ka sami 1.1. Idan an fara daga sifili, dole amsoshin nan biyu su zo kusan ɗaya. Tun da ba su zo ba, an sare. Wannan gwajin kaɗai ya wadatar a mafi yawan lokuta, kuma ba ruwansa da girman sikirin ɗinka, don rabo kake nema ba ainihin tsawo ba.

Idan kana son sanin daga ina aka fara, ci gaba kaɗan. Bambancin tsawon ginshiƙan milimita 25 ne, bambancin lambobin kuma 500. Ke nan kowace milimita ɗaya tana ɗauke da 20mAh. Gajeren ginshiƙin milimita 10 ne, wato 200mAh kawai ake nuna maka daga cikin 5,000. Cire 200 daga 5,000, ka sami 4,800. Daga nan ma'aunin ya tashi. An ɓoye maka 4,800 da wayoyin biyu suka yi tarayya a kai, an nuna maka 200 da 700, sai ƙarin kashi 10 cikin ɗari ya zama kamar ninki uku da rabi. Kuma ko wannan kashi 10 ɗin ba lallai ya zama ƙarin awanni ba, don girman sikirin da irin furosesa suna cin nasu rabon, amma wannan zance ne na wata rana.

Akwai kuma ruɗin da ba mai zanen ya kawo ba, kyamararka ce ta kawo shi. Duk abin da ya fi kusa da kyamara yakan fito da girma. Idan kana zaune a gefen hagu na ɗakin lacca ka ɗauki allon majigi, ginshiƙan hagu za su fi na dama tsawo a hoton ko da daidai suke a allon. Idan jadawalin na nuna shekaru daga hagu zuwa dama, abin da bai motsa ba zai yi kamar yana sauka, abin da ke hawa a hankali kuma zai yi kamar ya tsaya cik. Idan daga ƙasa ka ɗauka kana ɗaga waya sama, saman allon ne zai tsuke, dogayen ginshiƙai su yi asarar tsawo fiye da gajeru.

Gane wannan ba wuya. Yawancin jadawalai suna da siraran layuka a kwance da ke ratsawa ta bayan ginshiƙan. A kan takarda ko allo, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce daga wannan gefe zuwa wancan. Auna tazarar layi biyu a can hagu, ka sake auna ta a can dama. Idan hagu ta ba ka milimita 12, dama ta ba ka 10, to hoton ya ƙara wa ginshiƙin hagu kashi 20 cikin ɗari a kan na dama. Ka lura, wannan ya ninka bambancin batiran da muka lissafa ɗazu. Karkatar hannu kaɗai na iya mayar da mai nasara ya zama na baya. Shi ya sa a hoto irin wannan ba a kwatanta ginshiƙi da ginshiƙi kai tsaye, ba a kuma jan yatsa a miƙe daga kan ginshiƙi zuwa layin ma'auni. Layin da ke kwance za ka bi, duk yadda ya karkace, don shi ma ya karkace tare da ginshiƙan.

Ga yadda ake ciro lamba idan ba a rubuta ta a kan ginshiƙin ba. Nemo layi biyu da kan ginshiƙin ya faɗa tsakaninsu, a ce na 20 da na 30. Auna tazararsu a daidai wurin ginshiƙin, ba a wani gefen hoton ba. A ce milimita 15 ce, kan ginshiƙin kuma ya haura layin 20 da milimita 6. Shida cikin goma sha biyar kashi huɗu ne cikin goma, saboda haka adadin kusan 24 ne. Ka ce "kusan 24", ka tsaya nan. Kuskuren milimita ɗaya a awonka ya kai kashi biyu cikin uku na maki ɗaya, don haka wanda ya kalli hoton da ya yi dishi-dishi ya ce maka 24.3 ƙirƙira ya yi. Haka nan idan ginshiƙi biyu sun bambanta da abin da bai wuce kaurin layin zanen ba, hoton ba zai iya gaya maka wanne ya fi ba.

Idan kai ne mai ɗaukar hoton, rabin wahalar nan a hannunka take. Tsaya daidai tsakiyar jadawalin, wayar ta fuskance shi sosai. Gara ka ja baya ka danna 2x da ka matsa kusa da 0.5x, don faffaɗan gilashin kyamara ya fi jan gefunan hoto. Idan takarda ce, yi amfani da Scan na Google Drive, ko Scan Documents da ke cikin Notes a iPhone, su kan gano kusurwoyin takardar su miƙar da ita. Tabbatar kanun jadawalin, layin ma'auni, layin ƙasa da ƙananan rubutun da ke can ƙasa duk sun shiga. Wajen turawa a WhatsApp zaɓi HD, ko ka tura shi a matsayin Document, don matse hoton da manhajar ke yi ƙananan lambobi yake fara ci, kuma 3 da 8, ko 5 da 6, ba su da wuyar rikiɗewa idan hoto ya bi hannu huɗu ana sikirinshot ɗinsa.

Akwai wani ma'aunin da ke kama har masu lura. Duba lambobin gefe: idan suna tafiya 10, 20, 30, 40, kowane mataki ƙari ne iri ɗaya. Idan kuwa ka ga 1, 10, 100, 1,000 a tazara iri ɗaya, kowane mataki ninki goma ne. An ga irin wannan sosai a jadawalan annobar korona a 2020, kuma yana da amfaninsa idan lambobin sun yi nisa da juna ƙwarai. Amma lissafin rular da muka yi ɗazu ba ya aiki a kansa. Tsakiyar tazarar 10 da 100 a irin wannan ma'auni ba 55 ba ce, kusan 32 ce. Ginshiƙin da ya tsaya a 1,000 kuma, idan an fara daga 1, tsawonsa sau ɗaya da rabi ne na wanda ya tsaya a 100, alhali ninki goma ne tsakaninsu. Sare ma'auni na kumbura bambanci, wannan kuma danne shi yake yi. A ganina ma ginshiƙi bai dace da irin wannan ma'auni ba sam, don babu sifili a cikinsa da ginshiƙin zai tsaya a kai.

Sai batun karanta inda abu ya dosa, hawa yake ko sauka. A nan layin ƙasa ne abin dubawa, kuma shi aka fi mantawa da shi. Ginshiƙai na iya jeruwa a tazara ɗaya amma rubutun ƙasansu ya ce 2010, 2015, 2020, 2021, 2022. Matakai biyun farko na shekara biyar-biyar ne, na ƙarshen na shekara ɗai-ɗai, don haka abin da ke hawa da gudu ɗaya zai yi kamar ya gaji a ƙarshe. Ginshiƙin ƙarshe shi ma abin zargi ne. Idan an haɗa jadawalin a watan Maris, ginshiƙin bana na wata uku ne kawai, an tsayar da shi kusa da na wata goma sha biyu. Yakan zo da ɗan tauraro da bayani a can ƙasa, daidai wurin da mai yanke hoto ya fi yankewa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne jadawalin jimilla, inda kowane ginshiƙi ke ɗauke da na bayansa a ciki. A ce wani shago ya sayar da waya 100 a Janairu, 80 a Fabrairu, 60 a Maris. Kasuwa na ja da baya ƙarara. Amma idan aka tara, ginshiƙan za su zama 100, 180, 240, matakala mai kyau tana hawa. Jimilla ba ta sauka ko da ciniki ya mutu, iyakarta ta tsaya. A Satumba 2013, wajen ƙaddamar da iPhone 5s, Tim Cook ya nuna jimillar iPhone da aka sayar tun daga farko, kuma babu lambobi a layin tsayen. Ba na ginshiƙai ba ne, amma dabarar ɗaya ce, kuma masu sharhi sun yi ta sukarsa a lokacin. Idan ka ga kalmar cumulative ko total to date a kanun jadawali, kada ka kalli tsawon ginshiƙan, kalli abin da kowanne ya ƙara a kan na bayansa. A misalin shagon, ƙarin 80 ne sannan 60, labarin ya dawo yadda yake.

A jadawalan gwajin waya kuma, ka nemi ɗan rubutun nan lower is better. A gwajin lokacin caji ko zafin waya, gajeren ginshiƙi ne ya ci. Masu bitar wayoyi sukan jera jadawalin makin furosesa, inda dogo ya fi, sai na lokacin caji ya biyo baya da launuka iri ɗaya, wanda ya ɗauki sikirinshot ɗaya daga tsakiyar bidiyo sai ya juya sakamakon.

Wani zai ce wannan duk ya yi yawa, wa zai ɗauko rula saboda hoton da aka turo a gurup? Gaskiya ne, kuma ba kowane hoto ke buƙatar rula ba. Duba lambar da ke ƙasan layin ma'auni ba ya cin daƙiƙa biyar, kuma shi ke kama mafi yawan ruɗin. Rular sai ranar da hoton zai sa ka fitar da kuɗi, ko ka sa shi a furojet, ko ka tura wa mutum ɗari biyu da sunanka a kai. Inda na fi tsananta ra'ayi shi ne wajen yanke hoto. Wanda ya yanke layin ma'auni don hoton ya shiga sitatus da kyau ya cire wa duk mai kallo hanyar bincikawa, kuma daga nan alhakin ya tashi daga kan mai zanen ya dawo kansa. Idan aka turo maka irin wannan, tambaya ɗaya ta isa: daga nawa aka fara?

In kana son gwada idonka, ba sai ka je nesa ba. Buɗe Screen Time a iPhone ko Digital Wellbeing a Android, ka duba ginshiƙan awannin da kake yi a waya. Waɗannan daga sifili suke farawa, amma lambar da ke saman ma'aunin tana iya canzawa gwargwadon ranar da ta fi yawa, don zanen ya cika wurin da aka ba shi. Ɗauki sikirinshot na mako biyu daban, ɗaya na hutu ɗaya na jarrabawa, ka ajiye su kusa da juna. Za ka iya samun ginshiƙai masu kusan tsawo ɗaya, amma a wannan dogon ginshiƙin awa 4 yake nufi, a wancan kuma awa 9.